Wayar Gwaggo Ba Aljani Ne Ya Shige Ta Ba

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin wayar hannu tana aiki ita kaɗai. Ka ajiye ta a kan tabarma, ba wanda ya taɓa ta, sai ka ga ta buɗe saƙo, ta rubuta haruffa marasa kai, ko ta buga wa suruki waya da tsakar dare. Wata kuma akasin haka take yi: ka danna, ka sake dannawa, ta yi kunnen uwar shegu da kai. Turawa suna kiran ciwon farko da suna mai ma'anar “taɓin fatalwa”, mu kuwa a zango sai mu ce aljani ya shiga waya. Amma masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kowane irin wannan taɓi yana da dalili, kuma sau da yawa dalilin ba a cikin sikirin ɗin yake ba. Wanda ya san yadda ake bin sawunsa zai iya ceton kuɗin sabon sikirin.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne abin da ya sami gwaggona, wadda take sayar da goro a Aboabo cikin Kumasi. Yawancin cinikinta da kuɗin waya ake yi. Wata rana da almuru tana so ta tura wa mai kawo mata kaya sidi 200, sai wayar ta ƙara sifili ɗaya da kanta, kuɗin ya koma 2,000. Allah ya sa ta duba kafin ta amince. Bayan kwana biyu kuma wayar ta riƙa cusa lambobi a cikin lambar sirrinta, har aka rufe mata asusu saboda kuskure a jere. Ta yi asarar wuni guda wajen buɗe shi. Wani yaro a gida ya sa mata manhajar da aka ce tana saita sikirin, ba ta yi komai ba. Wani mai gyara a kasuwa ya dubi wayar sama-sama ya ce sai an canja sikirin gaba ɗaya. Daga nan ne ta aiko a kira ni.

Yadda gilashi ke jin yatsa

Kafin mu shiga labarin gyaran, ya kamata mai karatu ya san abin da ke ƙarƙashin gilashin da yake shafawa kullum. Sikirin ɗin wayar zamani ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashin gilashin akwai wasu siraran layukan lantarki da ido ba ya gani, waɗansu a tsaye, waɗansu a kwance, kamar saƙar tabarma. Akwai wani ɗan ƙaramin injin lissafi da aikinsa kawai shi ne ya aika ɗan lantarki ta cikin layukan, ya auna abin da ya iso kowace mahaɗa. Yana yin wannan zagaye sau 60 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya, a wasu wayoyin ma fiye da haka.

Jikin ɗan Adam cike yake da ruwa da gishiri, saboda haka lantarki na bin sa. Idan yatsa ya sauka a kan gilashi, sai ya janye ɗan kaɗan daga lantarkin da ke mahaɗar da ke ƙarƙashinsa. Injin ya ga awon wurin ya canja, sai ya ce an taɓa nan. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun 1965 wani injiniya Bature mai suna E. A. Johnson ya bayyana ta a Ingila, amma ba ta zama ruwan dare a wayoyi ba sai bayan fitowar iPhone a 2007.

Abin lura a nan shi ne, canjin da yatsa ke kawowa ƙanƙane ne ƙwarai. Injin bai san yatsa ba, awo kawai ya sani. Duk abin da ya girgiza awon, to a wurinsa yatsa ne, kuma wannan shi ne taɓin fatalwa. Duk abin da ya nisanta yatsa daga layukan kuwa, ko ya katse layi ɗaya, sai taɓi ya ɓace. Ciwo biyu ne, amma tushensu ɗaya.

Tambayar farko: yaushe take yi?

Da na isa, ban karɓi wayar ba tukuna. Na ce, “Gwaggo, da wane lokaci ta fi yin wannan hauka?” Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, “Ɗan nan, in na tuna daidai, da yamma ne, in na dawo na sa ta a wuta.” Da rana a kasuwa, in ji ta, ba ta rubutu da kanta, sai dai gefen ƙasa na hagu ba ya jin dannawa sai ta matsa da ƙarfi.

Wannan amsa ta raba matsalar gida biyu. Na ce a kawo cajar. Ba wadda ta zo da wayar ba ce, waccan ta ɓace, sai ta sayi wata mai araha a bakin titi, marar nauyi kamar ba komai a ciki. Muka sa wayar a caji, na buɗe wurin rubuta saƙo, na ɗora yatsa ɗaya a kan harafi ɗaya. Nan take haruffa uku suka fito. Na zare cajar, na sake gwadawa, harafi ɗaya ya fito. Muka maimaita sau biyar, sakamakon bai canja ba.

Ga abin da ke faruwa. Aikin caja shi ne ta karɓi wutar gida mai ƙarfin bolt 230 ta mayar da ita bolt 5 ko kusa da haka. Tana yin wannan ne ta hanyar kunna wutar da kashe ta sau dubbai a daƙiƙa, kuma wannan kunnawa da kashewa yana haifar da hayaniyar lantarki. Caja mai kyau tana da kayan da ke tace hayaniyar. A mai araha kuwa, waɗannan kayan ne ake fara cirewa don a rage kuɗi. Sai hayaniyar ta bi igiya ta shiga waya, lantarkin jikin wayar gaba ɗaya ya riƙa hawa da sauka, alhali jikin mai taɓawa yana nan daidai da ƙasa. Da yatsa ya sauka, bambancin da ke tsakaninsu sai ya kwarara cikin layukan, injin ya ga taɓi a inda babu. Shi ya sa wannan iri ya fi tsananta daidai lokacin da kake amfani da wayar tana caji. Araha dai ba ta ado.

Akwai gwaji ɗaya mai sauƙi da ke tabbatar da laifin. Muka ari fawa banki daga maƙwabta, wanda ba a haɗe yake da bango ba, muka yi caji da igiyar nan dai tata. Wayar ta zauna lafiya. Wato igiya ba ta da laifi, ramin cajin wayar ma ba shi da laifi, kan cajar ne. Da a ce matsalar ta ci gaba a fawa banki, da sai mu canja igiya, in ba ta daina ba mu zargi ramin caji, wanda ƙura da tsatsa kan lalata. Haka kuma wani lokaci caja tana da kyau amma wutar ce ba ta da tsabta, misali ta ƙaramin janareta ko ta tsohon soket da ya saki. A nan sai a gwada cajar a wani gida. Gargaɗi ɗaya kuma: in kana jin ɗan tsikari a hannu idan ka taɓa ƙarfen wayar tana caji, ka yar da wannan caja yau. Maganar ta wuce sikirin, ta koma ta lafiyarka.

Yadda za ka ga fatalwar da idonka

Saura matsala ta biyu, wato gefen da ba ya ji. A nan ba a aiki da zato, domin wayoyin Android suna da wani ɓoyayyen madubi da ke nuna duk taɓin da sikirin ya ji. Ka shiga Settings, ka nemi About phone, ka sami Build number, ka danna shi sau bakwai a jere. A wayoyin Samsung yana cikin Software information. Wayar za ta nemi lambar buɗe ta, sannan wani sabon sashe mai suna Developer options ya bayyana, galibi a ƙarƙashin System ko a ƙasan jerin Settings. A cikinsa ka kunna Pointer location.

Daga nan duk inda yatsanka ya bi, za ka ga zane ya biyo shi. A can sama kuma akwai harafin P da lambobi biyu, ta farkon ita ce yawan yatsun da wayar ke ji a wannan lokaci. Ka ajiye wayar a kan tebur ka ɗauke hannu. In lambar ta tsaya a 0, lafiya. In tana tsalle zuwa 1 ko 2, ɗigo yana fitowa a wani wuri, to ga fatalwarka, har ka san inda take zaune. Bayan haka sai ka ja yatsa a hankali daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, sannan daga hagu zuwa dama, kana duba inda zanen ya yanke. Masu Samsung suna da gajeriyar hanya a yawancin wayoyinsu, su buga wannan a wurin buga lamba su zaɓi Touch:

```
*#0*#
```

In ka gama, ka kashe Developer options, domin wasu manhajojin banki ba sa yarda su buɗe in yana kunne.

A wayar Gwaggo zanen ya tafi sumul ko'ina, sai a kusurwar ƙasa ta hagu, inda yake yankewa ya dawo, ya sake yankewa. Wurin ba dogon layi ba ne, ɗan fili ne kamar faɗin babban yatsa, kuma in an matsa da ƙarfi yana ji. Wannan siffa tana da muhimmanci. Layin lantarki in ya katse, yakan mutu ne a miƙe, daga wannan gefe zuwa wancan, kuma matsawa ba ta tashe shi. Fili mai jin matsi kuwa yana nuna akwai wani abu tsakanin yatsa da sikirin.

Gilashin kariya

Na karkata wayar a hasken fitila. Gilashin kariyar da aka liƙa mata, wanda 'yan kasuwa ke kira furotekta, ya tsage a wannan kusurwa, ya ɗan ɗaga, ƙura ta shiga ƙarƙashi. Na sa farce na ɓare shi a hankali, na goge sikirin da tsumma mai laushi, muka sake jan zane. Babu yankewa ko ɗaya.

Mutane da yawa suna tsammanin kaurin gilashin kariya ne ke hana waya ji. Yawancinsu kaurinsu bai wuce kashi ɗaya cikin uku na milimita ba, kuma an yi sikirin da ƙarfin da zai ji yatsa ta cikin wannan. Babban maƙiyi shi ne iska. Tasirin yatsa yana ratsa gilashi cikin sauƙi fiye da yadda yake ratsa iska, har kusan ninki bakwai. Saboda haka ɗan gibin iska mai kaurin takarda yana rage ji fiye da gilashin kariyar kansa. Wannan ne ya sa irin gilashin da gam ɗinsa ke bakin gefe kawai, tsakiya ba gam, ya fi ba da wahala, musamman a wayoyi masu lanƙwasasshen gefe. In za ka saya, ka ce a ba ka mai gam a jiki duka, wanda aka yanka daidai da samfurin wayarka, kuma ka tsaya a liƙa shi a gabanka ba tare da kumfa ba.

Gilashin da ya tsage yana iya kawo ciwon farko ma. Gumi da laima suna shiga ta tsagar su kwanta a ƙarƙashi. Ruwa mai gishiri yana ɗaukar lantarki kamar yatsa, sai wayar ta riƙa jin taɓi a wannan wuri har sai ya bushe. Dalilin ke nan da waya kan haukace in yayyafi ya sauka a kanta, ko in an taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala. Da hunturu kuma akasin haka ake gani: fata ta bushe, musamman ga masu kanta a hannu kamar makanikai da magina, sai waya ta riƙa ƙin jinsu. Ba lalacewa ba ce. Wasu wayoyi suna da wurin ƙara musu ji, a Samsung sunansa Touch sensitivity a cikin Display. An yi shi ne don mai gilashin kariya. In ka cire gilashin ka kashe shi, in ba haka ba waya na iya danna kanta a aljihu.

Maganar saita sikirin

To, me ya sa manhajar da yaron ya sa ba ta yi aiki ba? Amsar tana cikin tarihi. Tsofaffin wayoyin shafawa, irin Nokia 5800 da ta fito a 2008, wata dabara daban suke amfani da ita. Fallaye biyu ne a kan juna da ɗan gibi a tsakani, in ka matsa da farce ko tsinke sai su haɗu, wayar ta lissafa wurin. Wannan lissafi yakan goce da tsufa, ka danna nan ta ji can. Sai a shiga saiti, alamomi su fito a kusurwoyi, ka danna su ɗaya bayan ɗaya, awo ya dawo daidai. Wannan shi ne saitin gaskiya, abin da masu gyara ke kira kalibireshan, kuma har yanzu ana yin sa a wasu injunan masana'antu da wasu rediyoyin mota masu irin wannan sikirin.

Wayar zamani ba ta da wannan buƙata. Layukanta a kafe suke a inda aka zana su, ba sa gocewa. Abin da take saitawa shi ne awon “babu wanda ya taɓa”, kuma injin ne ke ɗaukar wannan awo da kansa idan aka kunna wayar, yana kuma gyara shi a hankali yayin da zafi ko laima suka canja. Manhajar da ka sauko da ita ba ta da ikon shiga cikin wannan injin. Za ta sa ka danna nan da can, ta nuna maka talla, ta ce an gama. In ta nemi ka sake kunna waya kuma ka ga sauƙi, to sake kunnawar ce ta yi aikin. Saboda haka saitin da ke hannunka kyauta ne: ka zare caja, ka goge gilashi ya bushe, ka kashe wayar ka kunna, kada ka ɗora yatsa a kan sikirin har ta gama tashi. Yana da kyau a yi haka duk lokacin da aka liƙa sabon gilashin kariya.

Inda dabarar gida ta ƙare

Ba kowace waya ce ke tsira kamar ta Gwaggo ba. In ka zare caja, ka cire gilashin kariya da rigar waya, ka goge, ka sake kunnawa, amma lambar P tana ta tsalle, saura gwaji ɗaya. Ka tashi wayar a Safe mode, wanda a yawancin wayoyi ake samu ta hanyar danna Power off a riƙe. A nan manhajojin da ka sauko da su ba sa aiki. In ciwon ya tafi, wata manhaja ce, sai ka cire na baya-bayan nan ɗaya bayan ɗaya. In bai tafi ba, to ciwon a jikin wayar yake.

Alamu uku ne ke cewa a tafi wurin mai gyara. Ta farko, mataccen layi a miƙe, ko ɗigogin fatalwa da ke fitowa a jere kan layi ɗaya, galibi bayan faɗuwa. Wannan sikirin ne, sai canji. Ta biyu, ciwon da ke zuwa ya tafi in an ɗan murɗa wayar ko an matsa bayanta. Wannan yakan nuna siririyar igiyar da ta haɗa sikirin da uwar wayar ta saki ko ta yi tsatsa, kuma wani lokaci gogewa da mayar da ita kawai ya isa, don haka ka ce a duba ta kafin a yi maganar sabon sikirin. Ta uku ita ce mafi haɗari: sikirin ya ɗago daga gefe, ko bayan wayar ya kumbura har ba ta kwanciya daidai a tebur. Batir ne ya kumbura yana tura sikirin daga ciki. Kada ka matsa shi, kada ka huda, kada ka sake sa caji, domin yana iya kamawa da wuta.

Wani lokaci kuma daga masana'anta ciwon ya fito. A watan Nuwamba na 2018 kamfanin Apple ya amsa cewa wasu wayoyin iPhone X suna ƙin jin taɓi ko suna ji ba a taɓa su ba, saboda wani sashe da ke lalacewa a cikin sikirin, ya kuma canja wa masu su kyauta a lokacin. Darasin shi ne, in sabuwar waya ta fara haka, ka mayar da ita da rasit kafin wani ya buɗe ta, domin buɗewa kan kashe garanti.

In ya zama dole a canja sikirin, ka tambayi irin wanda za a sa, domin na kasuwa hawa-hawa ne, kuma marar kyau yakan zo da tasa fatalwar. Ka ce a haɗa shi a gwada kafin a sa gam. Ka kunna Pointer location a gaban mai gyaran, ka ja zane ko'ina, ka gwada tana caji. Minti biyu ne, amma sun fi dawowa gobe ana gardama. Kafin a gyara kuwa, kada ka sa lambar sirri a wayar da ke rubutu da kanta. Asusun kuɗin waya a layinka yake, ka zare sim ka sa a ƙaramar waya mai maɓalli ka ci gaba da cinikinka.

Ita Gwaggo, abin da ta kashe bai wuce kuɗin caja mai kyau da sabon gilashin kariya ba, sikirin ɗin da aka ce ya mutu shi take shafawa har yau. Tsohuwar cajar kuwa ta ce a ajiye wa yara, na ce a'a Gwaggo, wannan bola ta nufa, kada aljanin ya koma wayar wani. Allah ya sa mu dace, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.